Daga Ambursa zuwa Zauren Jarrabawa: Abin da Sauron Kabi Ya Koya wa Masu Bincike

A shekarar 1954, lokacin da Birnin Kebbi da Argungu suke cikin lardin Sakkwato, gwamnati ta ƙaddamar da wani babban gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin, tare da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Yankin da aka zaɓa yana kewayen Birnin Kebbi, mutanensa sun haura 100,000. Daga cikin jagororin aikin akwai Leonard Bruce-Chwatt, shugaban sashen maleriya na Nijeriya da ke Yaba a Legas, da H. M. Archibald. Tambayar da suka zo da ita a fili take. Shekara huɗu kafin nan, a taron Kampala na 1950, masana sun yi ta musu a kan ko feshin magani a bangon ɗaki zai iya katse yaɗuwar cutar a ƙasar da kusan kowane yaro ke ɗauke da ƙwayarta. Fadamar gulbin Rima, mai ruwa da shinkafa da sauro, ta zama ɗaya daga cikin wuraren da za a nemi amsa.

An raba yankin gida uku. Wani sashe aka fesa masa DDT, wani BHC, wani kuma dildirin. Ma'aikata suka bi gida gida da famfon feshi, suna shafe bangon ƙasa da jinkar ɗaki. Saura kuma a san ko aikin ya ci, kuma nan ne ɗalibin da ke karanta dabarun bincike a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ya kamata ya buɗe kunne, domin duk abin da ake tambayarsa a jarrabawa game da inganci da daidaito ya faru a nan, a ƙauyukan da ya sani.

Masu binciken maleriya na wancan zamani suna da ma'auni uku. Suna taɓa cikin yara su ji ko saifa ta kumbura. Suna ɗiban ɗigon jini daga yatsa su shafa a gilashi su duba a madubin likita. Suna kuma ƙirga sauron da ke kwana cikin ɗakuna. Kowane ɗaya daga cikin ukun ana yi masa tambaya biyu, kuma tambayoyin ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce ta daidaito: idan aka maimaita awon, ko wani mutum dabam ya yi shi, za a sami abu ɗaya? Ta biyu ita ce ta inganci: abin da awon ke nunawa shi ne abin da ake nema? Mudun da aka buga wa gindi ya lotsa ciki zai ba ka awo iri ɗaya yau da gobe da jibi, ko wane ne ya riƙe shi, amma abin da ya zuba maka bai kai mudu ba. Daidaitonsa cikakke ne, ingancinsa babu. Juyin wannan ba ya yiwuwa: ma'aunin da ke sauya magana kowane lokaci ba zai taɓa zama mai inganci ba, tun da ba ka san wace daga cikin maganganunsa za ka kama ba.

Ɗauki awon saifa. An daɗe da sanin cewa hannun likita ya bambanta da na ɗan'uwansa, shi ya sa a 1944 Lewis Hackett ya tsara matakai daga 0 zuwa 5, gwargwadon inda saifar ta sauko a ƙarƙashin haƙarƙari, ana kwatanta ta da cibiya. Wannan gyara ne na daidaito, domin a rage saɓani tsakanin masu taɓawa. Amma ko da likitoci goma sun yarda cewa saifar yaro tana mataki na 2, tambayar inganci tana nan. Saifa na kumbura saboda wasu dalilai, kamar tsargiyar hanji da cutar sikila a ƙananan yara. Sannan ba ta saurin komawa. Yaron da sauro ya daina cizonsa watan jiya, saifarsa ba ta ji labari ba tukuna. Saboda haka tana ba da tarihin cutar a gari, ba halin da ake ciki a wannan wata ba.

Jinin babban yaro ma haka yake, domin ƙwayar cutar na iya zama a jiki watanni da yawa. Dabarar da masana suka samo tana da kyau ƙwarai, kuma ina son ɗalibai su riƙe ta a matsayin misalin gyaran inganci: sai suka mai da hankali ga jariran da ba su cika shekara ba, musamman waɗanda aka haifa bayan an fara feshi. Jaririn da aka haifa bayan feshi, idan aka ga ƙwayar a jininsa, kusan tabbas sabon cizo ne ya kawo ta. Madubin bai canza ba, mai dubawar bai canza ba, an dai canza wanda ake aunawa, sai awon ya koma yana amsa ainihin tambayar, wato ko yaɗuwar ta tsaya ko ba ta tsaya ba.

Ƙirgar sauro ita ce ta fi yaudara. Yadda ake yi shi ne, da sassafe a shiga ɗakin kwana a shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado, a toshe ƙofa da taga, a fesa firetiram, a jira kamar minti goma, sannan a tattara sauron da ya zubo a ƙirga. Aiki ne mai tsari, ana iya koya wa kowa, kuma ma'aikata biyu da suka bi ƙa'ida za su sami adadi mai kama da juna. Sai dai abin da yake aunawa shi ne sauron da ya tsaya cikin ɗaki har gari ya waye, ba wanda ya ciji mutum da dare ba. DDT kuwa yana da hali: yana tunzura sauro ya bar bango ya fice. To idan sauro ya shigo tsakar dare ya sha jini, bangon ya dame shi, ya fita ya kwana cikin ciyawa ko ƙarƙashin rumbu, da safe zani zai fito fes. Rahoto zai ce sauro ya ragu ƙwarai, alhali uwar gida da jaririnta sun kwana ana cizonsu. Balle a lokacin zafi, da jama'a ke baza tabarmi a tsakar gida. Wannan shi ne ma'auni mai daidaito marar inganci, kuma haɗarinsa ya fi na ma'auni mai rawa, domin lambobinsa masu tsabta ne, suna sa mutum ya saki jiki.

A ƙarshen 1955, kimanin shekara ɗaya da rabi da fara feshi, aka lura sauro ya dawo cikin ɗakunan da aka fesa wa dildirin a Ambursa, garin da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, inda filin jirgin saman jihar yake a yau. Ana iya cewa ma'aikata ne suka yi ha'inci, ko maganin ya lalace, ko an yi sabon yaɓe ya rufe shi. Masana ƙwari biyu, R. Elliott da V. Ramakrishna, ba su tsaya ga zato ba. Suka gwada sauron kai tsaye da maganin, suka kwatanta shi da na wani wuri, suka tarar na Ambursa ba ya mutuwa. Suka buga sakamakon a mujallar Nature a 1956, kuma shi ne karo na farko da aka tabbatar da cewa Anopheles gambiae, babban mai yaɗa maleriya a Afirka, ya bijire wa maganin feshi. George Davidson ya raini irin wannan sauro a Cibiyar Ross da ke Landan, ya nuna cewa bijirewar gado ce mai bin ƙwayar halitta ɗaya, kuma sauron da ya gagari dildirin yana jure BHC. Da haka biyu daga cikin magunguna uku na gwajin suka faɗi, aka koma kan DDT.

Akwai wani abin da ya fito daga ɗakin gwajin Davidson wanda ya fi wannan zurfi. Da aka haɗa sauron Ambursa da na Legas, mazan da aka haifa suka fito ba sa haihuwa. Bin diddigin wannan ne ya kai ga gano, a farkon shekarun 1960, cewa abin da ake kira Anopheles gambiae ba jinsi ɗaya ba ne. Jinsuna ne masu kama ɗaya a ido, har a madubi, amma halayensu sun bambanta. Wanda daga baya aka sa wa suna Anopheles arabiensis ya fi yawan cizon dabba da kwana a waje. Wato shekara da shekaru ana cika tebura da adadi a ƙarƙashin suna ɗaya, alhali abu biyu ake tarawa. A daidai shekarar 1955 ɗin, a Amurka, Lee Cronbach da Paul Meehl suka fitar da maƙalarsu a kan ingancin ma'ana, inda suke tambaya ko abin da mai bincike ya sa wa suna yake aunawa abu ɗaya ne na gaske. Su suna maganar gwajin basira da halayyar ɗan Adam ne, amma sauron Kabi ya ba da misalin da ya fi nasu fitowa fili.

Duk wannan a kan ma'auni ne. Akwai kuma ingancin tsarin binciken kansa, wanda Donald Campbell ya raba biyu a 1957, sannan shi da Julian Stanley suka faɗaɗa a 1963. Ingancin ciki yana tambaya: sauyin da aka gani, abin da aka yi ne ya kawo shi, ko wani abu dabam? Ingancin waje yana tambaya: abin da aka gani a nan, zai faru a wani wuri, ga wasu mutane, a wani lokaci? Idan aka ɗora wannan a kan gwajin 1954, raunin ya bayyana. Kowane magani yanki ɗaya ya samu. Idan yankin dildirin ya fi na DDT zazzaɓi, ba za a iya raba tasirin maganin da tasirin wurin ba, domin wani yanki ya fi kusa da fadama, wani tudu ne, wani masunta suka fi yawa, wani makiyaya na shiga da fita. Yawan mutane ba ya warware wannan. Ko an duba jinin yara dubu goma a kowane yanki, abin da aka raba wa magani yanki ne, kuma yankunan uku ne kawai. Ba aibata mutanen ake yi ba. Sun yi aiki mai wahala a lokacin da babu kwalta, kuma sun faɗi gaskiyar da ba a so a ji: feshi ya rage cutar amma bai katse yaɗuwarta ba.

Daga 1957 zuwa 1959 Archibald ya ƙara wani gwaji a Argungu da wasu ƙauyuka, inda aka riƙa raba wa jama'a kulorokwin da firimetamin a kan feshin da ake yi. Adadin masu ƙwayar cutar yakan faɗi bayan rabo, ya sake tashi. Irin wannan tsari, a auna kafin a auna bayan, shi ne ya mamaye binciken wancan zamani. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara nazarce-nazarcen rabon magani ga jama'a a 2013, cikin 32 da ta ɗauka, 22 na kafin da bayan ne ba tare da rukunin kwatance ba, biyu kacal aka yi wa ƙuri'a. Matsalar wannan tsari a ƙasarmu babba ce, domin masassara na da lokacinta. Tana hawa da damina, ta kai ƙololuwa wajen Satumba da Oktoba, ta sauka da rani ko ba a yi komai ba. Shekara ma ta bambanta da shekara gwargwadon ruwan sama da ambaliyar gulbi.

Sai da aka kai 1969, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauka daga burin kawar da maleriya gaba ɗaya wanda ta ɗauka a 1955, sannan aka fara binciken da ya ɗauki waɗannan darussa da gaske. Wannan shi ne aikin Garki, a tsohuwar jihar Kano, Jigawa ta yanzu, wanda ya ci gaba har 1976, Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da littafinsa a 1980. Duk wanda ke son ya ga yadda ake toshe ƙofofin shakka ɗaya bayan ɗaya, ya dubi tsarinsa. Ba su taɓa famfon feshi ba sai da suka yi wata 18, daga Oktoba 1970 zuwa Maris 1972, suna awo kawai, don su san yadda cutar ke hawa da sauka da kanta. Suka ware ƙauyukan kwatance da ba a yi wa feshi ba, ana auna su a lokaci ɗaya da sauran. Suka bi mutanen ƙauyuka 22 da sunayensu, ana ɗiban jininsu kowane mako 10. Suka ƙayyade wa mai duba gilashi fili 200 na madubi, domin wanda ya duba fili 50 ya ce babu da wanda ya duba 200 ba aiki ɗaya suka yi ba. Game da sauro kuwa, ba su dogara ga zanin safe kaɗai ba. Suka haɗa da kamun dare a jikin mutum ciki da waje, da tarkon taga mai kama sauron da ke ficewa, da binciken maɓoyar waje. Bayan an daina feshi da rabon magani a ƙarshen 1973, suka ci gaba da awo fiye da shekara biyu don su ga abin da zai biyo baya.

Sakamakon ya zo da darasi na inganci. Feshin furofokza ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kimanin kashi 90 cikin 100 bisa lissafinsu, amma adadin mutane masu ƙwayar Plasmodium falciparum ya ragu da kimanin kashi 25 ne kawai. Da a ce sauro kaɗai aka auna, da an yi shelar nasara. Inda aka haɗa feshi da rabon salfalin da firimetamin, adadin ya faɗi ƙasa ƙwarai, amma yaɗuwar ba ta katse ba, kuma da aka janye hannu cutar ta dawo. Duk da wannan ƙoƙari, ɗalibi mai ido zai sami abin faɗa a kan Garki. Ba ƙuri'a ce ta raba ƙauyukan ba, taswira ce, don a rage kwararar sauro daga inda ba a fesa ba, kuma rukunonin ƙauyukan da ake bi takwas ne kacal. Sannan ga ingancin waje: Garki ƙasar jigawa ce mai gajeriyar damina, ba lalle ba ne lissafinta ya zauna daidai a kan garin da ke bakin fadamar Argungu, inda ruwa ke kwanciya har cikin rani.

Ƙuri'a ce matakin da ya rage. Ronald Fisher ya kafa hujjarta tun shekarun 1920 a gonakin gwaji, likitocin Birtaniya suka yi amfani da ita a gwajin maganin tarin fuka na 1948, amma ta ɗauki lokaci kafin ta kai ga ƙauyuka. A Navrongo ta arewacin Gana, daga 1993 zuwa 1995, Fred Binka da abokan aikinsa suka raba yankin zuwa rukuni 96, ƙuri'a ta fitar da waɗanda za a ba gidan sauro mai magani, aka sami raguwar mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin 100. Amfanin ƙuri'a shi ne tana raba abin da ka sani da abin da ba ka sani ba, kusancin fadama da ƙwazon mai gari da wadatar gida, daidai wa daida tsakanin ɓangarorin biyu, muddin rukunonin suna da yawa.

Yau ma tambayoyin suna nan, cikin lambobin da ake karantawa a rediyo. Binciken ƙasa na maleriya na 2015 ya sami ƙwayar cutar a jinin kimanin kashi 64 cikin 100 na yaran jihar Kebbi 'yan wata 6 zuwa 59, ta hanyar madubi. Na 2018 ya sami kashi 52, na 2021 kashi 49, kuma a duk ukun Kebbi ce kan gaba a ƙasar. A binciken 2021 ɗin, a faɗin Nijeriya, madubi ya ba da kashi 22, gwajin gaggawa na ɗan katin nan kuma ya ba da kimanin kashi 40, a kan yara ɗaya. Ba ƙarya wani ya yi ba. Katin yana gano wani sinadari ne da ƙwayar cutar ke saki, wanda ke zama a jini makonni bayan an warke, madubi kuwa ƙwayar kanta yake nema, kuma yakan tsallake ta idan ta yi kaɗan. Duk wanda ya kwatanta adadin kati na wata shekara da adadin madubi na wata, ya ƙirƙiri sauyin da bai faru ba.

Shi kansa madubi ana auna daidaitonsa, kuma wannan lissafi yana yawan fitowa a jarrabawa. A ce an ba ma'aikata biyu gilashi 100. Dukansu sun ce akwai a 50, dukansu sun ce babu a 30, sun saɓa a 20, goma ta nan goma ta can. Sun dace a kashi 80, abin da ke kama da nasara. Amma kowannensu ya ce akwai a 60 cikin 100, don haka ko da ido rufe suke canka, za su dace a 0.6 × 0.6 na akwai da 0.4 × 0.4 na babu, jimla 0.52. Ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya kawo a 1960 yana cire wannan rabo na sa'a: κ = (0.80 − 0.52) ÷ (1 − 0.52) = 0.58. Dacewa ce matsakaiciya, ba wadda za a dogara gare ta ido rufe ba. Kuma ko da ta kai 0.95, abin da ta nuna shi ne mutanen biyu sun yarda da juna. Idan malami ɗaya ya koyar da su, kuma dukansu suna ɗaukar dattin rini a matsayin ƙwayar cuta, za su dace a kan kuskure. Haka alfa ta Cronbach take, wadda ɗalibanmu ke rubutawa a babi na uku na kundinsu: 0.8 na nufin tambayoyin takardar suna tafiya tare, ba ta ce suna auna abin da aka sa a take ba.

To yanzu ga irin tambayar da ake bugawa a takardar jarrabawa, da lambobin misali. An zaɓi ƙauye ɗaya a bakin fadama saboda shi ya fi kowa zazzaɓi a bara. A watan Oktoba aka gwada yara 200 da suka zo asibitin garin da katin gaggawa, kashi 60 suna da cutar. Aka yi feshi. A watan Maris ma'aikatan feshin suka gwada yara 200 'yan firamare da madubi, aka sami kashi 35. Mai binciken ya ce feshi ya rage maleriya, ya kamata a yi shi a duk jihar. Yi sharhi a kan tsarin.

Amsar da na fi gani a takardun ɗalibai ita ce: adadin mutanen ya yi kaɗan, akwai son kai, binciken ba shi da inganci da daidaito. Wannan amsa ba ta samun maki, domin za a iya manna ta a kan kowane bincike a duniya ba tare da an karanta shi ba. Abin da mai maki ke nema shi ne kowace suka ta zo da abu huɗu: inda laifin yake a cikin labarin da aka bayar, wane bayani na dabam yake buɗe wa ƙofa, ta wane gefe yake karkatar da sakamako, da yadda za a gyara. Sannan a fara da laifin da ya fi girma.

Mafi girma a nan shi ne rashin ƙauyen kwatance haɗe da bambancin lokaci. Ɗalibi zai rubuta cewa an yi awon farko a ƙarshen damina, na biyu da rani, don haka saukar na iya zama ta yanayi ce kawai, wannan yana kumbura tasirin feshi, gyaransa kuma a auna ƙauyukan da ba a fesa ba a watanni ɗaya, ko aƙalla a kwatanta Oktoba da Oktoba. Sai ya wuce ga sauyin ma'auni, ya nuna cewa kati ya saba ba da adadi sama da madubi, tun da an fara da kati aka ƙare da madubi, raguwa za ta bayyana ko da babu abin da ya sauya. Sai sauyin mutane: yaran da aka kawo asibiti marasa lafiya ne, 'yan makaranta kuwa lafiyarsu ta ishe su zuwa aji, shekarunsu ma ba ɗaya ba. Sai zaɓen ƙauyen: wurin da aka ɗauka don ya yi fice a muni a shekara ɗaya, yawanci yakan sauko kusa da matsakaicinsa a shekara ta gaba, da magani ko babu. Sai masu awon, waɗanda su ne suka yi feshin kuma sun san abin da ake fata, gyaransa a ba wani gilasan da lamba kawai, a kuma sake duba wani kaso a lissafa kappa. Ɗalibin da ya lura cewa duk waɗannan biyar gefe ɗaya suke turawa, wato wajen nuna feshi ya yi aiki, kuma ya faɗi haka, ya nuna ya fahimci abin, ba hadda ya yi ba.

Maganar adadi tana da wurinta, amma ba yadda aka saba faɗinta ba. Yara 200 ba su yi kaɗan ba. Ƙauyen ne ɗaya. Yaran gari ɗaya suna shan cizon sauro ɗaya, don haka ba shaidu masu zaman kansu ba ne. Ana auna wannan da 1 + (m − 1)ρ, inda m shi ne yawan yara a kowane ƙauye, ρ kuma kamanceceniyar da ke tsakaninsu. Idan m ya kai 100, ρ kuma 0.05, sakamakon 5.95 ne, wato yara 600 daga ƙauyuka shida nauyinsu bai wuce na yara kimanin 100 ba. Saboda haka shawarar da ta dace ita ce a ƙara ƙauyuka a raba su da ƙuri'a, ba a ƙara yara a gari ɗaya ba.

Ingancin waje ya zo daga baya, kuma a taƙaice, domin sakamakon da bai tsaya a gidansa ba, ba a maganar kai shi wani gari. Ya isa a ce ƙauyen fadama ba ya wakiltar tudun Zuru ko unguwannin cikin Birnin Kebbi, kuma wata biyar ba su isa a ga bijirewar sauro ba, tun da ta Ambursa sai da ta ɗauki kimanin wata 18 kafin ta bayyana. Idan binciken yana da abin yabo, kamar amfani da gwajin jini maimakon tambayar iyaye ko yaro ya yi masassara, a faɗe shi, domin sharhi aka nema, ba rushewa ba. Layin ƙarshe na amsar kuma ya faɗi iyakar abin da bayanan za su iya ɗauka: cewa an sami kashi 60 da kati a cikin yaran asibiti a Oktoba, an sami kashi 35 da madubi a cikin 'yan makaranta a Maris, kuma daga waɗannan lambobi biyu ba za a iya cewa feshi ya yi aiki ba, ba za a iya cewa bai yi ba.